Rabin Rumfar Mama Ja

A unguwarsu Mama Ja ake ce mata, ko da yake yawancin masu kiranta haka ba su taɓa ganin dalilin sunan ba. Idan ta fito titi, ɗankwalinta a ɗaure yake tsaf. Matan da suka yi shekaru suna kawo mata ɗinki har cikin gida su ne suka ga gashin, su suka raɗa mata sunan, 'ya'yansu suka ɗauka, har mai kawo tukunyar gas ya ɗauka. Mijinta kaɗai ne bai taɓa kiranta haka ba. Shi Tela yake ce mata, ita kuma ta ce masa Direba, duk da cewa ta daɗe da daina karɓar ɗinki, shi ma ya daɗe da miƙa mukullin bas.

Ta haura sittin. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, kuma har yanzu in tana magana da mutum idonta na kan wuyan rigarsa, tana duba yadda aka kafa shi. Gidansu ɗaki biyu ne da falo, sai ɗan tsakar gida mai siminti a baya, inda rana ke sauka tun hantsi har zuwa la'asar.

Furfura ta zo mata da wuri, tun tana goyon 'yarta ta fari. Ta aiki Direba ya sayo mata baƙin rini a kanti, ya dawo da ja.

“Hoton kwalin na duba,” in ji shi a lokacin. “Matar da ke jiki ta fi ta baƙin fara'a.”

Ta yi fushi, amma an riga an saya, sai ta shafa. Baƙin gashin ya ɗan yi ja-ja kawai, furfurar kuwa ta kama jawur kamar garwashi. Ya tsaya yana kallonta baki buɗe, ya ce daga yau ko a tsakiyar tasha aka jefa ta zai tsinto ta. Ba ta ƙara sayen wani launi ba. Da furfurar ta yi yawa, jan ya ƙara fitowa. Daga baya ta daina shafawa da kanta, ta koma shagon gyaran gashi da ke bayan kantin magani, wurin wata mata da kowa ke kira Mai Shago. Duk bayan mako shida ko bakwai take zuwa, kuma haka aka yi shekara da shekaru.

Ciwon mantuwa ya shigo wa Direba a hankali. Ya fara da ajiye tabarau a firiji, ana ta yi masa dariya, shi ma yana taya su. Sannan ya ɓata a hanyar da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙi a kanta. Sunayen jikoki suka tafi, na 'ya'ya suka bi. Auta, ƙaramar 'yarsu da ke zuwa duk ƙarshen mako, ta koma “wannan yarinyar mai kirki”.

Matarsa ce ta rage masa, ita ma da sharaɗi. Ta lura cewa idan ta dawo daga kasuwa da ɗankwali a kai, gaishe ta yake yi da ladabi kamar baƙuwa, ya tambaye ta ko matar gidan take nema. Da ta zame ɗankwalin, sai fuskarsa ta saki.

“Tela! Ina kika shiga tun ɗazu?”

Likitan da ke duba shi bai yi mamaki ba. Ya ce masu irin wannan ciwo kan rasa fuska amma su riƙe wani abu guda, wani murya, wani ƙamshi, wani kuma irin tafiyar mutum. Direba launi ya riƙe.

Abin da ya tayar mata da hankali shi ne launin ya daina zama. A da jan yakan kai ta kusan ranar komawa shago. Yanzu cikin mako biyu ya koɗe, ya koma wani fari-fari mai ratsin ruwan lemo, kamar tsohon labule. A irin waɗannan ranaku ko ta cire ɗankwali bai san ta ba. Ba ya karɓar magani daga hannunta. Ba ya yarda ta cire masa riga, domin shi mutum ne mai aure. Yakan zauna yana kallon ƙofa, yana jiran matar da ke tsaye kusa da shi.

Sai ta fara sayen rini a kanti tana ƙarawa da kanta a banɗaki, tun daga tushe har baki, duk lokacin da ta ga ya dushe. Ba ta gaya wa kowa ba.

Mai Shago ta gane tun kafin ta gama tsaga gashin da tsinken mataji. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, mai murya kamar ta mai kiran fasinja, kuma ta gaji shagon ne daga yayarta tare da kwastomomin ciki.

“Mama, wa ya taɓa mini kan nan?”

“Kanki ne ko nawa?”

“Nawa ne, aro na ba ki. Dubi nan. Fatar ta yi ja, nan kuma har ta ɗan tsage. Gashin kuwa taɓa shi nake yi yana biyo hannuna. Sau nawa kika shafa?”

Mama Ja ta kalli madubi, ta kalli rufin shagon. “Ban ƙirga ba.”

“To yau ba rini. Wallahi ko kuka za ki yi ba na ɗora sinadari a kan ciwo.”

Kukan kuwa ta yi, a kujerar, da tawul a wuya. Mai Shago ta kashe na'urar busar da gashi, ta ce wa ɗayar kwastomar ta ɗan zaga ta dawo, ta jawo kujera ta zauna. Ranar ta fara jin labarin ɗankwali da maganin da ba a karɓa.

Duk da haka Mai Shago ba ta sauya magana ba. Ta ce sai likita ya duba fatar, sai ta warke, sannan a gwada ɗigon rini a bayan kunne a jira kwana biyu a gani ko jiki ya fara ƙin sa, domin idan ya fara, an rabu da wannan rinin har abada. Kuma ko an koma, ba za a riƙa yi ƙasa da mako shida ba.

“Mako shida!” in ji Mama Ja. “'Yata, mako biyu yake yi.”

“Shi ne abin da ban gane ba. Hannuna ɗaya ne, rinin ɗaya ne. Ja dama shi ne ɗan gudun hijira a cikin launuka, amma ba haka ba. Gaya mini yadda kike yini. Kada ki tsallake komai.”

Ta fara lissafa mata. Da safe tana yi wa Direba wanka. Yana tsoron ruwa yanzu, ba ya yarda ya tsaya a ƙarƙashin shawa sai ta shiga ta riƙe masa hannu, kuma sai ruwan ya yi zafi sosai, don sanyi na sa shi rawar jiki. Kanta yakan jiƙe sharkaf.

“Kullum?”

“Kullum. Tun da ya riga ya jiƙe, sai in wanke shi gaba ɗaya.”

“Da me?”

“Da na Direba. Wancan mai maganin amosani. Kwalba ɗaya ta ishe mu.”

Mai Shago ta dafe kai. “Mama, da kin zo kin ce in cire miki jan nan, abin da zan ce ki yi ke nan.”

Ta tsinto silin gashi ɗaya daga kan tawul, ta ja shi tsakanin yatsu biyu daga baki zuwa tushe, ta ce Mama Ja ta gwada. Akwai ɗan kaushi. Ta ce kowane sili yana da ɓawo a jere, ɗaya kan ɗaya kamar na kifi, kuma rini a ƙarƙashinsa yake zama. Duk lokacin da gashi ya jiƙe yakan kumbura, ɓawon ya ɗan ɗaga, wani abu na launin ya bi ruwa ya fita. Ruwan zafi ya fi buɗe shi, ya fi kuma narkar da launin. Shamfu mai ƙarfi, irin mai kumfa da yawa da aka yi don ya kankare maiƙo da amosani, yana kwashe rini tare da dattin. A cikin launuka kuma ja ne ya fi saurin bin ruwa, ba ya kama gashi da ƙarfi kamar baƙi. Ga wani abu kuma: baƙi ko ruwan ƙasa in ya ragu, ido ba ya saurin lura, domin abin da ya rage dangin na da ne. Ja kuwa da ya ragu kaɗan ya zama wani launi dabam, balle a kan furfura, inda babu duhu a ƙasa da zai rufa masa asiri.

“Ƙarin da kike yi a gida kuma shi ya ƙarasa aikin,” in ji ta. “Duk shafawa tana cinye ɓawon. Gashin ya zama kamar rariya, ya sha launi da sauri, ya zubar da sauri. Bayan wanka fa, sai me?”

Bayan wanka sai tsakar gida. Direba yana son rana. Likita ma ya ce ya riƙa samun haske da safe, yana taimaka masa ya yi barci a kan lokaci. Sukan zauna a kujeru biyu, wani lokaci har azahar ta wuce, yana ba ta labarin fasinjojin da suka mutu tuntuni.

“Da ɗankwali?”

“Ina! In na ɗaura ai korata zai yi.”

Mai Shago ta buɗe baki za ta yi bayani, amma Mama Ja ta ɗaga mata hannu. Ta kalli kanta a madubi.

“Bari,” ta ce. “Wannan na sani. Ni da ba na rataye jan yadi a taga. Duk wadda na ɗinka wa jar riga sai na ce mata ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ki juya ta ciki waje ki shanya a inuwa. Shekara talatin ina faɗa wa mutane. Sai ga ni na shanya kaina a rana.”

“Tela guda,” in ji Mai Shago.

“Rufe mini baki.”

Suka yi dariya har ɗayar kwastomar ta leƙo ta ga ko lafiya. Mai Shago ta ce haka ne, hasken rana farfasa launin yake yi ko ruwa bai taɓa shi ba, kuma ja ya fi sauran rauni a gabansa, a gashi ne ko a yadi.

Likitan fata ya ce ƙuna ce ta yawan shafawa, ya ba da man shafawa, ya ce a huta. Makonnin hutun nan su ne mafi wuya da Mama Ja ta gani tun farkon ciwon. Jan ya ƙarasa tafiya. Auta ta ɗauki hutu daga wurin aiki ta dawo gidan, domin daga hannun “yarinya mai kirki” yana karɓar magani. Ta sayo wa uwar jan gashin kanti. Direba ya dube shi, ya miƙa hannu ya shafa, ya janye.

“Baiwar Allah, hularki ta karkace,” ya ce.

An yi maganar lalle ma. Mai Shago ta gwada a kan gashin da ta tara daga mataji, furfurar ta fito ruwan lemo mai haske, ba jan da ya sani ba. Aka bar shi.

Mama Ja takan kai masa shayi, ya yi godiya, ya tambaye ta ko ta ga matarsa a hanya.

“Na gan ta,” takan ce. “Ta ce tana nan tafe.”

“Haka take. In ta shiga kantin zare ba ta san fita ba.”

Fatar ta warke. Gwajin bayan kunne bai tayar da komai ba. Mai Shago ta yanke bakin gashin da ya lalace, ta sa rini mai ƙarfi a tushe kawai, sauran kuma ta bi shi da mai laushi wanda ba ya cin gashi. Ta wanke da ruwa mai sanyi-sanyi, Mama Ja tana ƙorafi tana cewa ana zaluntar tsohuwa. Sannan ta ɗora mata dokoki. Kada ruwa ya taɓa kan sai bayan kwana biyu. Wanki sau ɗaya a mako, in ya matsa sau biyu, da shamfu mai laushi na gashin da aka rina, a fatar kai kawai, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran. Ruwa ba sai mai ƙanƙara ba, amma kada ya kai ɗumin da za ta ji daɗinsa. Man laushi bayan kowane wanki, don ɓawon ya kwanta. Wankan Direba kuma da hular roba.

Hular ta kawo tata rigimar, domin da ta sa, ya ga baƙuwa a banɗaki, ya yi ihu. Suka yi kwanaki suna lalube har ta samo hanya: takan shiga da kai a buɗe, ta riƙe hannunsa ta sa shi hira, sai ya juya wa ruwan baya ya rufe ido saboda sabulu, sannan ta jawo hular da ɗaya hannun. Muryarta takan riƙe shi har a gama. Nata kan kuma a bokiti take wankewa, ranar da Auta ta zo, ta sunkuya a tsakar gida 'yar tana zuba mata ruwa da kofi.

“Wayyo, a hankali! Ke ba ki da tausayi?”

“Mama, ke kika yi mini wanka da ruwan sanyi har na gama firamare.”

“Ai ga shi kin yi ƙwari.”

Saura rana. Nan Mai Shago ba ta da dabara, ban da wani man fesawa mai kare gashi daga haske, wanda ta ce yana taimakawa amma bai kai inuwa ba. Mama Ja ta yaye zanen da ta rufe keken ɗinki da shi, ta ɗiga masa mai. Ta samo yadi mai kauri irin na tanti, ta auna tsakar gidan da tef, ta zauna yini guda tana kallon inda inuwar katanga ke kaiwa a kowane lokaci. Ta ɗinka rumfa mai rufe rabin wurin kawai, ta sa mata zobba a gefe, maƙwabcinsu mai walda ya kafa ƙugiyoyi a bango. Kujerar Direba a rana, tata a inuwa, hannun kujerun na taɓa juna.

Ranar farko abin bai yi ba. Ta zauna a ƙarƙashin rumfar da sabon rininta, kai a buɗe, ya dube ta ya ɗauke kai. A inuwa jan yakan yi duhu, ya koma kusan ruwan ƙasa. Abin da ya sani shi ne yadda yake kamawa idan haske ya bugi kan. Ta ce a ranar ta ji kamar ta tsinke rumfar ta jefar. Ta miƙe za ta shiga ɗaki, ta ratsa ta gabansa inda ranar take, sai ta ji ya ce, “Tela, kawo mini ruwa in kin dawo.”

Daga nan ta samo tsarin da take bi har yau. Takan zaunar da shi, ta tsaya a gabansa cikin rana, ta ɗan sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Sai ta jira. Wani lokaci nan take yake ganewa, wani lokaci sai ta ɗan jima. Da ya kira ta, sai ta kama hannunsa, ta zagaya ta zauna a inuwa ba tare da ta saki ba. In ya yi gyangyaɗi ya farka ya rasa ta, ta sake fitowa. Ranar da a da take sha na sa'o'i ta koma ta 'yan mintoci.

Ba kullum ake dacewa ba, kuma ba ta ɓoye wannan. Akwai safiyar da jan ke nan jawur amma idonsa ya wuce ta kamar bango. Likita ya gaya mata irin waɗannan ranaku za su ƙaru, kuma babu rinin da zai hana. Ta ce ta ji. Abin da take nema shi ne kada ta rasa ranar da za a iya samu saboda ruwan zafi.

Da mako shida ya cika ta koma shago. Mai Shago ta tsaga gashin, ta duba fatar, ta ja sili ɗaya ta ga bai tsinke ba. Furfura ta fito a tushe kamar faɗin yatsa, jan ya ɗan sauka, amma ja ne, kowa ya gani zai ce ja ne.

“Ko a ƙara mako ɗaya?” in ji Mai Shago.

“Kada ki yi mini rowa. Shafa.”

Ranar da na je gidan don jin wannan labari, wata biyar ke nan ana wannan tsari, kuma saura kwana kaɗan ta koma shago, wato lokacin da launin ya fi rauni. Ta fito da Direba da hantsi, wankakke, da rigar da ta sauya wa maɓallai zuwa manya don yatsunsa su iya. Ta zaunar da shi, ta gyara masa matashi, ta koma gabansa ta tsaya a rana.

Ya daɗe yana kallon katanga. Wata mota ta wuce a titi, ya bi ƙarar da kunne, ya ce direban nan yana kashe giyar motar. Ita dai tana tsaye, gumi ya fara tsattsafo mata a goshi. Auta ta leƙo daga kicin da kofi a hannu, uwar ta yi mata alama da yatsa ta koma.

Sannan idonsa ya sauko. Ya tsaya a kanta, ya ɗan runtse.

“Tela,” ya ce, “me kike yi a rana haka kamar wadda aka yi wa horo? Ga inuwa an yi. Zo ki zauna.”

Ta zagaya ta zauna. Ya riƙe hannunta, ya ɗaga kai yana duba rumfar, ya bi layin ɗinkin da ido daga wannan zobe zuwa wancan, ya ce duk wanda ya yi aikin nan ya iya ɗinki. Ta ce za ta gaya wa mai ɗinkin.